Kwanon Auta

Ƙanwata tana aiki a wani gidan wanki da guga, inda ake kawo zannuwan gado da tawul daga otal-otal. Shekararta talatin da takwas, mijinta ya rasu shekara biyu ke nan. Duk layinsu Maman Tagwaye ake ce mata. Tana fita shida da rabi, ta dawo biyar na yamma da hannuwa duk sun yi fari saboda sabulu, ranar Asabar kuma ta tashi sha biyu a biya ta kuɗin mako. Ƙa'idar wurin ita ce, wanda ya yi fashin kwana uku a jere, a rana ta huɗu zai tarar da wani a kan teburinsa.

Ɗaki biyu ne gidan, mutum biyar: ita, da surukarta da muke kira Tsohuwa, wadda idonta ya yi rauni, da tagwaye maza masu shekara goma sha ɗaya, sai Auta mai shekara uku. Ni akawu ne a ɗakin ajiyar kaya na wani kamfani, ina da nawa iyalin a layi na uku daga nasu. Abin da nake iya ba ta a wata bai taka kara ya karya ba.

Bayan Auta ta yi gudawa ta warke, sai jikinta ya ƙi komawa. Wata Asabar na raka su asibitin unguwa. Malamar asibiti ta ɗora ta a sikeli, ta zagaya wata 'yar igiyar awo a damtsenta, ta rubuta kilo tara da giram ɗari tara. Ta ce yarinyar ta rame sosai, a riƙa kawo ta duk Asabar, idan ba ta fara hawa ba za a kwantar da ita, kuma dole uwa ta zauna da ita.

"Kwana nawa?" in ji ƙanwata.

"Mako guda, ko ya fi."

Da muka kai bakin ƙofar gida sai ƙanwata ta ce, "Yaya, in na kwanta mako guda, aikin ya tafi. Sai mu ci me, mu biyar?"

Na ce ta bar min. Washegari Lahadi na zo da takarda na ja layi, kwana bakwai, safe, rana, dare. Na raba kuɗin cefanenta kashi goma: huɗu na shinkafa da masara da gero, biyu na wake, biyu na ganye da kayan miya, ɗaya na mai da gishiri, ɗaya na busasshen kifi. Na ƙara wake daga gwangwani goma zuwa goma sha huɗu, biyu kowace rana.

Ta karanta a tsaye, tana goge hannu a zani.

"Yaya Akawu, ɗanye za mu ci? Ina gawayi?"

Na manta da gawayi. Ta ja kujera ta zauna, ta gyara min aikina kamar yadda ake gyara wa ɗan koyo. Tsohon wake mai arha da na rubuta ta soke shi, ta ce abin da aka rage a kuɗinsa gawayi ne zai cinye, sai ya kusa awa uku bai nuna ba. Sabo za ta saya, ta jiƙa da yamma, ta dafa da asuba sau ɗaya, a ɗumama da rana. Alayyafo da na sa ranar Juma'a ta dawo da shi Lahadi da Litinin, don ba ya kwana uku ba firji. Tumatir zuwa Talata. Kabeji da karas Laraba da Alhamis. Kabewa da albasa da busasshiyar kuɓewa su ne masu haƙuri, su riƙe ƙarshen mako. Muka gutsuro kuɗin gawayi daga kowane kashi, na sake rubutawa da kyau, ta manna a bangon kicin.

Makon nan ba a kauce wa takardar ba. Kowace yamma in na taso aiki sai in biya in duba buhu, in rubuta abin da ya fita. Gwangwani biyu na wake, gwangwani uku na hatsi, mai cokali huɗu. Ranar Juma'a lissafi ya tashi daidai, ko tafin hannu bai ɓace ba. Na tafi gida da jin cewa mun gama da wannan magana.

Asabar sikeli ya nuna tara da ɗari takwas.

Malamar ta sauke Auta ta sake ɗora ta. Haka ya nuna. Ta jawo takardar kwantarwa. Ƙanwata ta dafa gefen teburin, murya ƙasa-ƙasa, ta ce a ba ta mako ɗaya. Ni kuma na zaro kwafin jadawalin abincin na miƙa, kamar mai gabatar da shaida. Malamar ta duba, ta ce abincin ba laifi. Ta matsa ƙafar Auta da yatsa ta ga babu kumburi, ta tambaya ko tana zazzaɓi, aka ce a'a.

"Mako ɗaya," in ji ta. "In ta ƙi cin abinci, ko zazzaɓi ko gudawa ta dawo, kada ki jira Asabar, ki kawo ta. In kuma Asabar ta zo ba ta hau ba, ki taho da kayanki."

Lahadi da hantsi na isa gidan da littafina, na raba waken mako gida biyar, na sake rabawa. Ko ta ina na bi, rabon Auta ya ishe ta. Na fara zargin sikelin asibiti. Ƙanwata ta ce ba za ta je kasuwa ba tukuna. Ta dafa shinkafa da ragowar wake, ta zuba wa Tsohuwa a kwanonta, ta zuba wa yara a faranti ɗaya kamar kullum, ta ɗora miya da mai a tsakiya. A ƙa'ida daga nan sai ta juya ta koma wanke-wanke, ita sai an gama take cin nata a tsaye. Ranar sai ta zauna a bakin ƙofa.

"Yaya, buɗe bayan littafin. Duk wanda ya kai hannu baki, ja masa layi."

Na ja. Tagwaye suna ci suna gardamar ƙwallo, hannunsu na zuwa tsakiya inda miya da mai suke. Auta hannunta bai kai can. Takan ɗebo daga gefe, ta tsince waken ɗaya-ɗaya ta ajiye a bakin faranti don fatarsa na maƙale mata, ta tauna shinkafar a hankali tana kallon yayyenta. Waken da ta ajiye, na kusa da ita ya share shi ba tare da ya duba ba. Minti tara farantin ya tashi. Babban tagwai layi talatin da ɗaya, ƙaramin ashirin da tara, Auta bakwai, kuma duk bakwai ɗin farar shinkafa ce. Ta tashi ta sha ruwa kofi guda, ba ta yi kuka ba.

Ƙanwata ta karɓi littafin ta daɗe tana kallon layukan.

"Kai ka auna tukunya, ni na dafa," in ji ta. "Ba wanda ya tsaya ya ga bakin da yake shiga."

Tsohuwa ta ce daga ɗaki, "Ni dai ina jin faranti yana ƙara, in na shafa na ji shi tas, sai in ce Alhamdulillahi sun ci."

Tagwaye sun tsargu. Uwarsu ta ce ba laifinsu ba ne, amma daga yau an canja tsari.

Kuɗin bai ƙaru ba, don haka sai da muka yanka wani wuri. Ta cire shinkafar kwana biyu ta mayar da masara, rarar ta sayi gyaɗa gwangwani biyu da ƙarin mai. Kifin da ake sa wa miya sau biyu a mako ta ce za ta gasa shi ta daka, ta tankaɗe ƙayar, ya zama gari, cokali ɗaya kullum na Auta. Wakenta kuma za a surfe a cire fatar, a dafa ya yi laushi, a murje da mai da kabewa ko ganye. Da safe garin gero da gyaɗa, a dama da kauri, ba mai ruwa-ruwa da ke cika ciki a banza ba. Sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan. Na ƙara layi na musamman a jadawali, ta sayo jan kwano mai murfi.

"Mama, mu fa kifin?" in ji ƙaramin tagwai.

"Kun ci na shekara biyu gaba. Ku tambayi kawunku, yana da shi a rubuce."

Litinin Auta ta ture jan kwanon, ita sai faranti. Tsohuwa ta yi lallashi har ta gaji, cokali huɗu kawai ta ci a wunin. Da yamma na tarar da ƙanwata tsaye a kicin, ko mayafi ba ta cire ba, tana kallon kwanon. Na ce ko mu koma asibiti. Ta ce in ba ta daren nan. Ta zaunar da Auta tsakanin yayyenta da kwanonta a cinya, ta ce wa tagwaye ba mai tashi sai ta gama, kuma duk wanda ya sa hannu a jan kwano shi ne mai wanke-wanke har ƙarshen wata. Babban ya riƙa leƙa kwanon yana haɗiye yawu da gangan. Auta ta rungume abinta ta juya masa baya, ta cinye cikin minti ashirin da biyar.

Talata ta ci huɗu cikin biyar. Laraba duka. Alhamis na duba kwalbar mai na ga ba za ta kai Asabar ba, na faɗa. Ƙanwata ta ce ta sani. Ta tsiyaye cokali shida a kofi ta rufe ta ɗora a saman kabad, sauran gida aka ci kuɓewa da kabewa ba mai kwana biyu. Ba wanda ya yi ƙorafi, har tagwaye.

Ranar Asabar daga wajen aiki ta biya gida ta ɗauki Auta, muka haɗu a asibiti. Na ga jaka a hannunta, da zani biyu da kofi da jan kwanon a ciki. Mutum goma sha ɗaya ne a gabanmu. Ba ta zauna ba har aka kira mu.

Malamar ta ɗora Auta. Lambobin suka yi ta rawa don yarinyar na motsi, sannan suka tsaya. Kilo goma da giram ɗari ɗaya.

"Me kika canja?"

"Kwano," in ji ƙanwata.

Malamar ta mayar da takardar kwantarwa cikin aljihun tebur, ta ce har yanzu da saura, a ci gaba, a dawo Asabar mai zuwa. A waje ƙanwata ta miƙa min jakar, ta goya Auta, ta ce gobe in zo da wuri da takarda, an ce wake ya ƙara kuɗi.