Katin da Ya Zo Babu Mai Shi

Shekaruna na farko a aikin ungozoma a Kontagora na yi su, lokacin muna cikin Jihar Arewa maso Yamma. Ranar awon ciki mata kan cika baranda, kuma abin da suka fi tsana shi ne ƙyallen da nake naɗa musu a damtse ina hura masa iska. Kullum sai wata ta ce, "Sista, ba kin auna ni wancan watan ba?" Ni kuwa bakina bai iya lallashi ba. Sai in ce, "Tuwon wancan watan ne a cikinki yau? Miƙo hannu."

A cikinsu akwai wata yarinya mai cikin fari, matar wani malamin firamare. Iyayenta manoma ne a Dukku ta nan ƙasar Kontagora. Sau uku na auna ta, jininta lafiya lau. Da cikin ya shiga wata bakwai, uwarta ta zo tafiya da ita goyon ciki. Wannan al'ada ta sha cin raina, domin hawan jinin masu ciki ya fi son cikin fari, kuma sai ciki ya wuce rabi yake bayyana, daidai lokacin da ake kwashe mana su zuwa ƙauye.

Na ce, "Mama, bayan mako biyu ki dawo min da ita."

Ta ce, "An auna sau uku, lafiya. Na huɗu na mene?"

"Na ce ki dawo da ita," na faɗa, na kira ta gaba.

Mako biyar ba su zo ba. Rannan sai ga mijin da katinta a aljihu, wai in ba shi maganin ciwon kai ya aika mata. Raina ya ɓaci. Na tambaye shi ko a katin zan naɗa ƙyallen. Ya sunkuyar da kai ya ce ya je ya gan ta, fuskarta ta kumbura, zobenta ma sai da aka yanke shi. Tsofaffi na ta murna, wai alamar tagwaye ce. Kuma tana cewa tana ganin walƙiya a idonta.

Kumburin ƙafa kaɗai ba ya tayar min da hankali, kusan kowace mai ciki na yi. Amma fuska da yatsu, ga ciwon kai, ga walƙiya, wannan jijjiga ce ke tafe.

"Malam, je ka ɗauko ta yau."

"Sista, a gidan surukai take. Da wane baki zan ce su ba ni ita?"

Mutum mai koyar da 'ya'yan jama'a, kunya ta ɗaure shi. Na nemi izini, na ɗauki akwatin awo, muka bi motar kasuwa.

Na sami yarinyar kwance a rumfa, an ɗaure mata kai da tsumma. Da ƙyar na gane ta. Jininta ya kai ɗari da saba'in bisa ɗari da goma. Na dafa fitsarinta a kwalbar gwaji a gaban uwar, ya yi fari ya dunƙule kamar farin ƙwai. Na ce, "Mama, kin gani? Ciwon ya taɓa ƙodarta. Daga mabiyiya yake tasowa, kuma ba ya tafiya sai an haihu. Yana hawa a ɓoye, mace na yawonta lafiya. Kafin kai ya fara ciwo ya riga ya yi nisa. Awo kaɗai ke kama shi da wuri."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta.

Muna dab da shiga gari jijjiga ta kama yarinyar a cikin mota. Na kwantar da ita a gefenta, na tare kanta har ta lafa. A asibiti aka yi mata allura, likita ya tayar da naƙuda. Ita ta rayu. Ɗan ya zo babu rai, guda ɗaya, ɗan mitsitsi, domin jinin da ke isa gare shi ya daɗe da raguwa.

Da safe na tarar da uwar zaune a baranda. Na zo da faɗa cike da bakina, amma ta riga ni magana.

"'Yata, abin da kika faɗa min a rumfa, me ya hana ki faɗa min ran nan?"

Na buɗe baki in ce na faɗa. Sai na tuna abin da na ce mata ranar, da yadda na kira ta gaba tun ba ta ɗaga ƙafa ba. Bayanin da na yi a Dukku bai ci minti biyu ba.

Har yau haushinsu bai sake ni ba, ita da mijin da tsofaffin nan masu tagwaye. Amma nawa ya fi ci na. Katin yana hannuna a lokacin, layi uku cike da rubutuna, sauran duk fari.