Kwalba Uku a Wasiƙar Yaya Sha'ibu

Mu uku mahaifinmu ya bari: Yaya Inusa, Yaya Sha'ibu, sai ni Maijidda auta. Inusa ya gaji gonar rani a Jiratawa, yana noman tattasai da zogale. Sha'ibu ya bi lakwal, wato makarantar boko, ya ƙare a Maraɗi a matsayin sakataren kamfanin Alhaji Illo, mai shigo da taki da maganin ƙwari. Ni kuwa aure ya kai ni Sabon Gari, na zama wurin da kowannensu ke zuwa ya sauke fushin ɗan'uwansa.

Sha'ibu mutum ne mai gajiyar da jama'a, tun yana ƙarami. In Inna ta tambayi wanda ya sha furarta, sai ya ce ya ga ƙwaryar a cike da hantsi, ya kuma gan ta rabi da azahar, abin da ya faru a tsakani bai gani ba. Dukan da ya sha a kan wannan hali ba kaɗan ba ne. Shekara goma sha bakwai ke nan ana biyansa albashi a kan halin nan, domin duk takardar da za ta fita daga kamfanin shi ke rubuta ta.

Bara da rani tattasan manoma shida a Jiratawa ya ƙone bayan feshi, har da na Inusa. Ganye ya naɗe, fure ya zube. Suka kai kuka wurin ma'aikatan da ke sa ido kan magungunan gona. Ma'aikatan suka shiga shagon kamfanin da ke Jiratawa, suka tarar da kwalba tara da wa'adinsu ya wuce da wata biyar, suka kwashe. Bayan kwana biyu takardar gargaɗi ta iso kamfanin, tana neman amsa a rubuce cikin kwana takwas. A ƙasanta an ambaci koken manoman.

Nan Sha'ibu ya shiga tsakanin mutum biyu. Alhaji Illo dattijo ne da ya saba kashe kowace wuta da ban haƙuri. Ya ce a rubuta cewa duk laifinsu ne, a yafe musu, shi kuma zai bi da kansa ya gaida shugaban ma'aikatan. Ɗansa Zakariya'u ya ce a rubuta cewa kwalaben ba nasu ba ne sam.

Sha'ibu ya ce, "Alhaji, haƙurin baki iska ka ɗauke shi. Na takarda dosiye shika shiga, a adana shi a ohis. In kun sa hannu bisa 'duk laihinmu ne', kun ɗauki duk gonar da ta ƙone daga nan har Tibiri, har wadda ba ta taɓa ganin maganinmu ba." Ya juya ga Zakariya'u. "Kai kuma, sunanmu na bisa kwalin."

Kwana uku ya yi yana tono. Ya gano cewa kwali ɗaya ne mai kwalba goma sha biyu, an ware shi a magaza, ɗakin ajiyar kaya, don a janye, mai lodi ya haɗa shi da sabbin kaya. Tara ma'aikata sun kwashe. Uku an riga an sayar, kuma mai shagon bai rubuta wa ya saya ba.

Ni na ga wasiƙar, domin ya fassara mini ita daga Faransanci a tsakar gidana. Ta fara da lamba da ranar takardar gargaɗin. Ta ce e, an samu kwalba tara, ga lambar zubin da ke jikinsu, ga yadda suka kai shago. Ta ce an binciki sauran shaguna ba a samu irinsu ba, kuma yanzu kayan da za a janye suna ɗaki daban mai makulli. Ta faɗi maganar kwalba ukun nan, ta roƙi duk wanda ke riƙe da kwalba mai wannan lamba ya kawo. Zakariya'u ya yi tsalle a kan wannan layin, Sha'ibu ya ce in an cire shi a nemi wani ya buga. Game da gonakin, wasiƙar ta ce kamfani bai da shaidar abin da ya ƙone su, yana neman a gwada maganin da ganyen, a ba shi sakamako. Sai layin ƙarshe, wanda lauyan kamfani ya duba ya amince: wannan bayani ne na abin da ya faru, ba amsa alhakin wani abu da ya wuce shi ba. Alhaji ya sa hannu yana ƙunƙuni. Sha'ibu ya kai da kansa a rana ta bakwai, ya tsaya sai da aka buga masa hatimin karɓa a kwafinsa.

Na ce, "Yaya, ko kalmar jaje guda babu? Gonar ɗan'uwanka ce fa."

Ya ce, "Takardar kamhwani ce, ba tawa ba."

Haushi ya kama ni. Ban ga ƙarya ko ɗaya a cikinta ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi.

Da ma'aikatan suka tara manoman a Jiratawa suka bayyana musu amsar, Inusa bai bari an kai ƙarshe ba. Ya gane hannun ƙanensa tun daga "bai da shaida". Ya hau babur ya zo gidana, ko ruwa bai sha ba.

"Ni Sha'ibu za ya tambaya shaida? Ni da na goya shi zuwa lakwal?"

Na ce ai an ba da lamba, ya duba kwalbarsa. In ta dace, yana da abin riƙewa a hannu. Ya ce kwalbar ba ta nan. Ashe ranar da ya ga ganye ya naɗe, ya kira Sha'ibu a waya, Sha'ibu ya ce masa ya adana kwalbar. Shi kuwa ya ji kamar gatse ake masa, ya jefa ta cikin wutar ciyawa.

Wallahi ranar na gaji da su duka biyun. Ɗaya ya saka wuyansa don a rubuta lambar da za ta taimaki yayansa, amma bakinsa ya kasa cewa sannu. Ɗayan ya ƙone abu guda da ake nema a wurinsa.

An hukunta kamfanin a kan kwalba taran da sayar da ukun, ba a rufe shago ba. Gwajin ganye bai nuna komai ƙarara ba, domin an ɗebo shi a makare. Har yau ba wanda ya san ko maganin ne, ko yawan da aka zuba, ko ragowar maganin ciyawa a famfon feshin da manoman shida ke ara wa juna. Inusa ya yi wata huɗu bai ɗaga wayar Sha'ibu ba.

Da lokacin dashe ya zo, Sha'ibu ya sayi irin tattasai ya ce in raka shi. Muka tarar da Inusa a bakin magudanar ruwa yana gyaran fangali. Sha'ibu ya ajiye irin, ya durƙusa da wandonsa na zuwa ofis a cikin laka.

"Yaya, sannu da wanga rashi. Ya yi mini ciwo tun ranar."

Inusa bai ɗago ba. "Wagga sannu, ta kamhwani ce ko taka?"

"Tawa ce."

"In sun sake aiko takarda, mi za ka rubuta?"

Na dinga yi wa Sha'ibu ido. Ko sau ɗaya a rayuwarsa ya faɗi abin da ake so a ji.

"Abin da na sani, Yaya. Kamar waccan."

Inusa ya ɗago ya kalle shi. Sannan ya tura masa fartanya da ƙafa, ya ce ya fara daga wancan layin, kuma kada ya yi masa magana.