Kabad ɗin da Baba Ya Ƙera wa Dikoda

Babanmu mai walda ne, kuma bai taɓa yarda da abin da ba ƙarfe ba. Katako a wurinsa abincin gara ne, roba kuwa ko sunanta ba ya son ji. Gadon da muka tashi a kai ƙarfe ne, kujerun falo ƙarfe ne, har ɗan akwatin da Mama take ajiye zare da allura sai da ya ƙera mata na ƙarfe mai kwaɗo. Ta sha cewa da za ta yi barci mai nauyi, da ta farka ta tarar ya yi mata murfi.

Duk layinmu babu ƙofar da ba ta bi ta hannunsa ba. In yana tafiya a titi ba mutane yake kallo ba, ƙofofinsu yake kallo. Yakan tsaya ya shafa haɗin walda da babban yatsa, in ya ji gargada sai ya girgiza kai ya wuce, ko da mai gidan yana tsaye yana miƙo masa hannu.

Da Mama ta rasu, shekaru kuma suka ja, sai ya rufe shagonsa na bakin titi ya kwashe kayan aikin zuwa ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida. Nan ya kafa gadonsa tsakanin teburin aiki da tarin rodi. Yayana, wanda shi ke riƙe da gidan yanzu tare da matarsa da 'ya'yansa, bai so haka ba ko kaɗan. Ya gyara ɗaki kusa da falo, ya yi masa fenti, ya sa labule. Baba ya leƙa sau ɗaya ya ce ɗakin ya yi kyau, Allah ya kawo mai shiga.

Ni ce na saya masa talabijin da 'yar na'urar nan da ake jona mata don kallon bidiyo ta intanet, wadda shi dikoda yake ce mata. Ba fim yake kallo ba. Abin da yake so shi ne ya ga yadda ake haɗa manyan jiragen ruwa da gadoji, yana zaune yana yi wa masu waldar faɗa ta gilashi. Kafin mako ya zagayo ya ƙera wa dikodar kabad na ƙarfe mai kauri a jikin bango, don ƙura da hannun jikoki. Ya bar 'yar kafa a gaba daidai idon rimot, ya tsaga wasu siraran layuka a ƙasa don iska, ya sa makulli. Kabad ne mai kyau, wannan ba na musu.

Bai jima ba ya fara ƙorafi. Hoto sai ya dushe, fuskokin mutane su zama kamar an shafa musu ruwa, daga nan komai ya tsaya, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa a tsakiyar allo. Ya motsa kaɗan, ya sake tsayawa. Alhali a cikin gida matar Yaya tana nata kallon a waya lafiya lau, yara suna nasu a talabijin ɗin falo, babu wanda ya taɓa ganin zobe.

Yaya ya zo dubawa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin Baba ya kunna bidiyo a wayarsa, ya tafi sumul. Ya karɓi makulli ya buɗe kabad, ya tattaɓa wayoyi, ya kunna talabijin, shi ma ya tafi sumul.

"To Baba, ina matsalar?" in ji shi.

"Tana nan. Ganinka ta yi ta ɓuya."

Yaya ya yi dariya ya fita. Baba ya mayar da ƙofar kabad ya kulle, ya koma kujerarsa. Can an jima zobe ya dawo.

Haka aka yi ta yi. Duk wanda ya zo sai ya buɗe kabad ya duba, sai abu ya yi aiki, sai ya tafi. Sannu a hankali maganar ta sauya launi. Na fara jin ana cewa tsoho ne, yana danna abin da bai sani ba. Daga baya aka ce wai yana ganin abin da babu. Ranar da na kai ziyara na ji matar Yaya tana gaya wa wata maƙwabciya a ƙasa-ƙasa cewa Baba ya fara rikicewa, raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Yaya ya kira ni gefe ya ce: "Ke ma kin gani. Mutumin da ya fara haka ba a barinsa shi kaɗai da injuna da wutar lantarki. Ƙarshen wata zan dawo da shi ciki, in rufe ɗakin."

Ba mugunta ba ce, tsoro ne, na sani. Amma na san kuma in aka raba Baba da teburin nan, an gama da shi. Da na gaya wa Baba abin da ake shiryawa, bai ɗaga murya ba.

"Ni da na yi rayuwata ina kallon wutar walda, ban san abin da idona ya gani ba? Na ce yana tsayawa, to yana tsayawa. A kawo wanda ya san aikin."

Na kira mutumin da ya ja mana intanet gidan, wani mai furfura a gemu wanda ba ya gaggawa. Ya fara da falo, inda rauta, wato na'urar da ke watsa intanet ta iska, take ajiye bisa kanta. Ya auna ya ce layin da ya shigo gidan ba shi da laifi, gudunsa ya ishi kowa har ya yi saura. Yaya ya dube ni da irin kallon nan na "ai na faɗa miki".

Sai muka ɗunguma zuwa ɗakin Baba. Mutumin ya kai hannu zai buɗe kabad, Baba ya riƙe masa hannu.

"Malam, kowa da buɗewa yake farawa. Kai zauna tukuna ka kalla yadda nake kallo."

Mutumin ya zauna a bakin gado. Aka kunna wani bidiyo na gina gada. Hoto ya fito a dushe, ya ɗan yi gaba, sai ga zobe. Ban taɓa murnar ganin abu ya lalace ba sai ranar.

"Ka gani?" Baba ya ce wa Yaya. "Ko shi ma wannan bawan Allah ya rikice?"

Mutumin ya nemi makulli, ya buɗe ƙofar, bai taɓa komai ba. Jim kaɗan zobe ya ɓace, hoto ya washe. Ya mayar da ƙofar ya rufe. Bidiyo ya ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru, har Yaya ya buɗe baki zai yi magana, mutumin ya ɗaga masa hannu ya ce a dakata. Muka dakata. Hoto ya dushe, zobe ya dawo.

Ya yi mana bayani a tsanake. Ya ce gudun layi zuwa gida daban, abin da ke isa ga kowace na'ura daban. Daga rauta zuwa nan ta iska saƙon yake zuwa, kuma kafin ya ratsa bangaye ya tsallake tsakar gida ya riga ya yi rauni. Waya a tsakiyar ɗaki tana samun abin da zai ishe ta. Ita kuwa dikoda tana kulle cikin ƙarfe, shi kuma ƙarfe tare saƙon yake yi, sai ɗan abin da ya sulale ta kafofin nan. Abin da ya ɓata a hanya sai an sake aikowa, sai bidiyon ya riƙa cinye abin da ya iso kafin wani ya zo.

"To me ya sa ba ya tsayawa da zarar an rufe?" in ji Yaya.

"Saboda na'urar tana tara guzuri. In ƙofa tana buɗe takan sauke na gaba ta ajiye. Kai kana fita a lokacin da take cin ajiyar, shi kuma Baba yana zaune lokacin da ta ƙare."

Na zaci Baba zai ji kunya, tunda aikin hannunsa ne ya jawo komai. Ina! Tashi ya yi ya ƙwanƙwasa gefen kabad ɗin da ƙashin yatsa, fuskarsa har tana sheƙi.

"Wato ka ce ko iska ba ta iya shigarsa?"

"Da ƙyar, Baba."

"To a gaya musu. Haka ake walda."

Mutumin ya yi dariya har da tari. Ya ce gyaran mai sauƙi ne: a fito da dikodar a ɗora ta a sarari, ko a riƙa barin ƙofar a buɗe. Baba ya ce bai ƙera ƙofa don ta zauna a buɗe ba, kuma dikoda ba ta fita. Sai mutumin ya ce akwai hanyar da ta fi duka, a jawo waya daga rauta ta bi bango har cikin kabad, a jona a bayan dikodar, tunda tana da wurin jonawa. In aka yi haka babu ruwanta da iska, amma sai an huda gefen kabad, don ramin da ke baya wayoyin wuta da na talabijin sun cike shi.

Ya buɗe jakarsa zai ɗauko injin huji. Baba ya ce ya mayar.

"Ba wanda zai sa wa aikina baki ina raye."

"Baba, ka bari ya yi mana," in ji Yaya. "Hannunka..."

"Hannuna me?"

Dukkanmu mun san hannun daman Baba ya fara rawa, ko kofi sai ya tallafa da hagu, amma ba wanda ya taɓa furtawa a gabansa. Baba ya zare dikodar ya miƙa mini, ya ɗauko nasa injin daga ƙarƙashin tebur, ya auna, ya yi alama da ƙusa da guduma. Bakin injin ya zame daga alamar ya karce fenti. Ya mayar da shi, ya jingina kafaɗarsa da bango, ya danna da dukkan jikinsa. Ni dai addu'a nake yi a zuci, ina ji kamar in fasa kuka. Ƙarfe ya yi ƙara, ɓarɓashi ya zubo, bakin injin ya faɗa ciki.

Ya goge bakin ramin da zarto don kada ya yanki waya, ya hure, ya ja da baya. Mai intanet ya zura yatsa ya ce ya yi daidai, gobe zai kawo doguwar waya.

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ka yi haƙuri."

"Na yi," in ji Baba. "Ɗakin nan da ka yi wa fenti, ka bar shi yadda yake. Ranar da na kasa huda ƙarfe, da ƙafata zan zo, ba sai ka aiko ba. Amma ba yau ba."

Suka fita, na tsaya tattara ɓarɓashi. Da na ɗago, na ga Baba ya zauna a bakin gado ya danne hannun daman a ƙarƙashin cinyarsa, yana rawa har gadon yana amsawa. Ya ga na gani.

"Ke kuma," ya ce, "share ki fita, ki ja mini ƙofa."