Jariri Ba Ya Yin Shuɗi

A sashen haihuwa kowa Inna Tafinta yake ce mata, har likitocin da suka girme ta. Shekara goma sha tara ke nan tana zama a kan kujerar roba guda ɗaya, tsakanin ɗakin awo da tagar magani, tana juya Turancin likita zuwa Hausar masu jego, ta juya kukan masu jego zuwa Turancin likita. Ba ta yi karatu mai zurfi ba. Kafin ta zo asibiti ɗinki take yi a shagon mahaifinta, kuma abin da ta gada daga shagon bai wuce gwangwanin alewa guda ba, cike da guntayen zare. Kullum yana cikin jakarta. Ma'aikata na tsokanarta cewa ko gobara aka yi, gwangwanin za ta fara ɗauka kafin takalmi.

Akwai abin da ba ta cika faɗa ba. Ɗanta na fari kwana goma sha ɗaya ya yi a duniya. An haife shi da ciwon zuciya, kuma ranar da aka sallame su likita ya yi bayani, wani ma'aikaci ya fassara mata: idan yaron ya yi shuɗi, ki dawo da shi nan take. Ita kuwa 'yar tela ce, ta san shuɗi kamar yadda ta san tafin hannunta. Ta koma gida tana duba cikinsa da ƙafafunsa, tana jiran kalar da take gani a jikin yadi. Leɓensa ya yi duhu, harshensa ya dusashe, ta ce sanyi ne, ta ƙara masa zane. Shuɗin bai taɓa zuwa ba. Daga baya ne ta koyi Turanci a ajin manya, kalma bayan kalma, kamar mai tsince tsakuwa daga cikin hatsi.

Wata Litinin babbar sista ta kira ta ofis. Asibiti zai buga takardar da za a riƙa ba kowace uwa ranar sallama, mai bayanin alamomin haɗari a jikin jariri. An rubuta ta da Turanci, kuma an ɗauko mai fassara daga waje, mutum mai digiri biyu da gemu mai furfura, wanda ba ya rabuwa da wani ƙaton ƙamus. Kafin azahar masu shara sun raɗa masa suna Mai Ƙamus.

“Inna, ki karanta mana ki ji ko ta zauna,” in ji sista. “Ranar Alhamis za ta tafi wurin bugawa. Dubu goma za a buga, in ta fita ta fita.”

Inna ta sa tabarau. Hausar tsaf take, babu inda ta yi tuntuɓe, har ta zo layi na huɗu: idan jariri ya yi shuɗi ko toka-toka. A ƙasa kuma: idan ya yi amai kore. Ta ɗora yatsa a kan layin, ta ji kamar an buɗe wata ƙofa da ta daɗe da kullewa.

“Malam, wannan layin ba zai kawo kowa asibiti ba.”

Mai Ƙamus ya gyara zama. Ba mai girman kai ba ne, amma ya san aikinsa. “Inna, kalmar da ke Turancin shuɗi take nufi. Ɗayar kuma ruwan toka. Ban ƙara ba, ban rage ba. Takardar likita ce, in na fara sa son raina, wa zai ɗauki alhaki?”

“Ban ce ka yi kuskure ba. Ƙamus ɗinka gaskiya ya faɗa. Amma shi ƙamus bai taɓa goyo ba.”

Sista ta danne dariya. Ta ce likitar yara ce kaɗai za ta iya yarda a sauya kalma, kuma sai an nuna mata dalili. Inna ta ce a ba ta safiyar Laraba, ranar rigakafi, lokacin da benci ke cika.

Ranar Laraba mata kusan ashirin suna jere a dogon benci, kowace da kati a hannu da jariri a cinya, fanka na juyawa a sama kamar ba da son ranta ba. Likitar yara, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ta tsaya a bakin ƙofa. Mai Ƙamus ya zauna gefe da littafin rubutu. Inna ta buɗe gwangwani a kan cinyarta.

Ta ɗaga zare mai kalar sararin sama. “'Yan uwa, wannan wace kala ce?”

Wasu suka ce shuɗi, wasu suka ce ruwan bula. Ta ɗaga wani shuɗin mai duhu sosai, irin na kayan 'yan makaranta. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta ce baƙi ne, mata huɗu suka goyi bayanta, wata yarinya ta ce ai shuɗi ne ya tsufa. Ta ɗaga wanda ke tsakanin shuɗi da kore, nan benci ya rabu biyu, har aka fara musu. Da ta ɗaga kore sosai, sunaye uku suka fito: kore, tsanwa, algashi. Wadda ta ce algashi ta sha tsokana, aka ce kalmar kakarta ta aro.

“To, in na ce ruwan ganye fa? Ɗanyen ganye da aka daka?”

Duka suka nuna zare ɗaya. Mai Ƙamus ya rubuta wani abu.

Sai Inna ta rufe gwangwanin. “Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah. A cikinku wa ta taɓa ganin jariri shuɗi?”

Benci ya fashe da dariya. Wata doguwa mai sayar da sabulu a bakin asibitin, wadda ake kira Maman Biyu ko da yake na cinyarta shi ne ɗanta na biyar, ta ce, “Sai dai in ya faɗa bahon bula, Inna.”

“Toka-toka fa?”

“Wannan kam kullum. Duk ɗan da aka yi wa wanka ba a shafa masa mai ba ai toka-toka ne. Mijina ma haka yake fita.”

Inna ta fassara wa likita kowace kalma, har da ta mijin. Likitar ba ta yi dariya sosai ba. Ta matso ta ce a gaya musu abin da Turancin ke nufi: idan iska ba ta isa jinin yaro ba, kalarsa na sauyawa. A farar fata ana ganin abin kamar shuɗi-shuɗi. A fata mai duhu kuwa da wuya a gan shi a jiki, sai a leɓe, da harshe, da dasashi. Inna ta faɗa musu da Hausa, sannan ta tambayi dattijuwar nan yadda za ta kira abin in ta gani.

Dattijuwar ta gyara mayafinta. “Mu dai cewa muke bakin yaro ya yi baƙi. Jan nan na cikin baki ya tafi.” Ta duba ƙasa. “Na gani sau biyu.”

“Ni sau ɗaya,” in ji Inna. Ba ta ƙara ba, ba wanda ya tambaya.

Da yamma suka zauna su biyu a ɗakin shan shayi na ma'aikata, takarda a tsakaninsu. Mai Ƙamus ya cire hula ya ajiye a kan ƙamus ɗin.

“Shekara ashirin ina fassara,” ya ce, “ban taɓa tambayar benci ba.”

“Ai ba a ba ka benci ba, Malam, tebur aka ba ka.”

Suka yi ta jan layin nan kamar masu ware zaren da ya cukurkuɗe. Inna ta so a rubuta baƙi kawai. Shi ya ƙi, kuma da gaskiyarsa: jarirai da yawa leɓensu mai duhu ne tun haihuwa, in aka ce baƙi kawai, rabin gari zai taho a guje, sauran rabin kuma su daina kula. Abin da za a nuna wa uwa shi ne sauyi, da wurin da za ta duba. Inna ta dube shi ta saman tabarau ta ce ashe digirin ba na ado ba ne. A ƙarshe suka rubuta: Buɗe bakin jaririnki ki duba harshe da dasashi da cikin leɓe. Idan jan wurin ya tafi, ya koma duhu ko ya dusashe kamar toka, kawo shi asibiti nan take. Na aman kuma: idan ya yi amai kore, ruwan ɗanyen ganye, ba tumbuɗin nono da kika saba gani ba. Shi ne ya kawo shawarar a buga ɗan tabon kalar a gefen layin, domin wadda ba ta karatu. Ya mayar da sabon rubutun zuwa Turanci kalma da kalma, likita ta karanta, ta sa hannu. Takarda ta tafi ranar Alhamis, kalmar shuɗi ba ta ciki ko sau ɗaya.

Inna ba ta jira a karanta ba. Duk uwar da za a sallama, sai ta karanta mata da baki, ta sa ta buɗe bakin ɗanta ta ga jan da ke ciki yanzu da yake lafiya, domin ta gane shi ranar da ya tafi. Wasu na ƙorafin tana ɓata musu lokaci, mai mota na jira. Takan ce mai mota ya jira, ba shi ya yi naƙuda ba.

Bayan wata biyu, da hantsi, Maman Biyu ta shigo da sauri, babu mayafi, tana janye da wata ƙaramar mace, matar ƙaninta, mai jaririn sati uku. Yaron ya kwana biyu da tari. Ba ta tsaya layi ba, ta wuce kai tsaye wurin kujerar roba.

“Inna, jan ya tafi. Na buɗe bakin na duba kamar yadda kika ce. Uwar tana cewa sanyi ne.”

Inna ta duba sau ɗaya ta miƙe. Ba ta san tana iya gudu ba sai ranar. Aka sa wa yaron iskar numfashi, likita ta ce ciwon huhu ne, kuma an kawo shi da sauran lokaci. Inna ta tsaya a bakin gadon tana fassara, muryarta daidai, hannunta kuwa a cikin jaka yana riƙe da gwangwani.

Bayan kwana shida aka sallame su. Uwar, wadda kunya ta hana ta magana duk kwanakin nan, ta tsaya gaban kujerar ta buɗe bakin yaron da ɗan yatsa, ba tare da an ce ta yi ba. Harshen ja ne, ɗan ƙarami, yana motsi yana neman nono.

“Wannan wace kala ce, Inna?” in ji Maman Biyu, tana tsokana.

Inna ta buɗe gwangwani ta tona, ta ɗaga zare biyu uku kusa da bakin yaron, ta mayar da su.

“Ba ni da irinta,” ta ce. “Ku tafi da ita gida, ku riƙa dubawa.”

Sannan ta gyara kujerarta, domin an riga an kira mai bi a layi.