Awa Takwas da Injiniya Ya Ce Hakkinsu Ne

Yau yaro yana zaune a garin Dauran sai ya yi rajistar jarrabawa da wayar hannunsa. A shekarun da aka fara Shari'a ba haka ba ne. Faifan tauraron ɗan'adam da na kafa a bayan shagona na kwamfuta a Kaura Namoda shi ne intanet ɗin da makarantun Shinkafi da Zurmi suka dogara da shi, in ba za su tafi Gusau ba.

Na yi aiki a Jidda da Yamai kafin in dawo gida, na kuma ga yarjejeniyar sabis da Larabci da Faransanci. Don haka da injiniyan wani kamfani ya zo daga Kaduna da tasu, na karanta ta da kyau. Sun yi alkawarin layi zai yi aiki kashi casa'in da tara da ɗigo tara cikin ɗari. Ma'anarsa an yafe musu kashi ɗaya cikin dubu na lokaci. Wata mai kwana talatin awa ɗari bakwai da ashirin ne, rangwamensa minti arba'in da uku da 'yan daƙiƙu. Shekara awa dubu takwas da ɗari bakwai da sittin ce, rangwamenta awa takwas da kusan minti arba'in da shida. Su da shekara suke aunawa.

Na ce masa, "Injiniya, a Jidda wata-wata ake awo. Ku gyara mini."

Ya yi dariya. "Baba, ai duk ɗaya ne. Ka ninka na wata sau goma sha biyu ka gani."

A lissafi kusan ɗaya ne, ya kuma ce ba su da wata takardar. Na sa hannu.

Ranar da za a rufe rajistar shiga jami'a da ƙarfe huɗu na yamma, tun da sassafe wata malamar sakandare ta iso daga Shinkafi da ɗalibanta mata cike da mota. Sai da ta bi iyayensu gida-gida, har Badarawa, kafin a yarda su rubuta jarrabawar. Da takwas da rabi na safe, mun shigar da uku kawai, layi ya ɗauke. Janareta na aiki, sama garau. Matsalar daga tasharsu ce.

Na kira injiniya. Ya ce minti goma. Da hantsi na sake kira, ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, muna kai."

Malama ta ce, "Alhaji, mu kama hanyar Gusau ko mu tsaya? Ka faɗa mini gaskiya, ni ba ni da wata shekarar da zan ba yaran ga."

Na maimaita mata abin da aka gaya mini. Suka zauna a inuwar shago, suka yi azahar, suka ci ƙosai. Da biyu da rabi na matsa wa injiniya, sai ya ce wata na'ura ce ta ƙone tun safe, ana kawo sabuwa daga Legas. Tun safe ya sani! A lokacin ko sun samu mota, layin mutane a Gusau ba zai kai kansu ba. Intanet ya dawo da huɗu da rabi.

Washegari na kira injiniya.

"Baba, awa takwas ne. Shekarar nan ba mu taɓa faɗuwa ba. Har yanzu muna cikin alkawari, da sauran minti arba'in da wani abu."

"Sauran minti ka ce? Da a ce da wata muke awo, da kun wuce iyaka tun tara da kwata, da tun safe kun faɗi gaskiya don kun san akwai biyan tara a kanku!"

"To ai ka sa hannu, Baba."

A lokacin ko'ina wa'azi ake a kan tauye mudu. Na kai takardar wurin wani malami makwabcina, tsohon alƙali. Ya sa na fassara masa ita, ya ce sharaɗin a fili yake, kuma na yarda da shi. Ƙaryar minti goma zunubi ce, in ji shi, amma babu inda takardar ta wajabta musu faɗa mini yaushe gyara zai ƙare. Na fito raina ya ƙara ɓaci.

Na bar kamfanin. Wanda na koma sai da suka rubuta awon wata-wata, da sharaɗin sanar da ni dalilin matsala cikin awa guda. Amma malama ta gaya mini da yawa daga ɗaliban iyayensu ba su sake yarda ba. Daga wannan shekara makarantarta Gusau take kai yara rajista, ba su sake zuwa shagona ba.