Aljihun Hagu

Shekara goma sha takwas Gwani ya yi yana ɗaukar hoton kayan sayarwa, kafin kamfaninsu ya koma sa kwamfuta tana ƙirƙirar hotunan. Aka jingine kyamararsa, amma aka bar masa kujera ɗaya mai daraja: ba hoton da zai tafi wurin mai kaya sai ya bi ta idonsa.

Sai ga wata ma'aikaciya da ake kira Jan Biro ta zo da takarda mai layi biyar, ta manna a bango. A duba gefen kaya, kada ya narke cikin bayan hoto. A duba dama da hagu sun daidaita. A karanta rubutun jiki harafi-harafi, don kwamfuta gwanar rubutun aljanu ce. A gwada launi da wanda mai kaya ya aiko. A nemi baƙon abu, ko guntun yatsa ko igiya marar tushe.

Cikin wata biyu kowa ya zama mai ido. Oga har cewa yake, "An bi takardar Jan Biro? To a tura." Gwani kuwa kishi ya ci shi har wuya. Ai duk abin da ke takardar nan daga bakinsa ta tsince shi, yana mita tana rubutawa. In takarda ta iya gani, shi zaman me yake yi?

Ranar da aka gama hotunan wata jakar makaranta, Jan Biro ta bi layukanta tsaf. Gefe fes, tambari ya karantu, shuɗin ya dace, aljihu a dama, aljihu a hagu. Gwani ya leƙa ta kafaɗarta, daɗi ya kama shi. Samfurin jakar na cikin kabad, ya taɓa riƙe ta da hannunsa: aljihu ɗaya gare ta, na gorar ruwa, a hagu. Na daman nan kwamfuta ce ta yi kyauta.

Ya so ya yi gum, mai kaya ya dawo da aikin a ji kunya. Amma kunyar da ba a gabansa aka ji ba, ina amfaninta? Ya jira Oga ya shigo, ya ɗauko jakar, ya dire ta a kan tebur.

"Layi biyar duk an ci," in ji shi. "To a ƙirga min aljihu."

Gwani ya gyara tsayuwa, yana jiran ya ga fuskarta ta zube.

Jan Biro ta dubi jakar, ta dubi allo. "Wallahi ka cece mu, Baba Gwani," ta ce, kuma da gaske take. Ta tashi ta nufi bango, ta ƙara layi na shida: a ajiye ainihin kayan kusa da hoton, a gwada.

Oga ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Kai, yarinyar nan akwai kwanya," ya ce. "Yanzu kam takardar ta cika."