Kashin Sa na Mai Sa Ne

Da gyaɗa ta mutu a ƙasar Ajingi, na rasa abin yi. Ban yi boko ba, ban koyi sana'a ba. Abin da na iya shi ne hanya. Na san kowace turba tsakanin Gaya da ƙauyukanmu, na san inda yashi yake cin taya.

A shekarun nan ma'aikata sun samu ƙarin albashi, babura suka fara yawa. Na ga mai gidan burodi a Gaya yana neman wanda zai riƙa kai masa kaya ƙauyuka. Na ga mutane suna zama bakin hanya tun safe suna jiran motar da ba za ta zo ba. Sai na je wurin kawuna, yayan mahaifiyata. Yana da shanu, ba ya yarda da kowa. Ni ma haka nake, shi ya sa muke shiri.

Ya sayar da sa ɗaya don a sayi babur. Sharaɗin: babur nasa, tuƙi nawa, abin da aka samu a raba.

Ban saurari dillalai ba. Kowane cewa yake nasa ne ƙarfe. Na tafi rumfar wani bakanike a bayan kasuwar Gaya na zauna kamar mai shan inuwa, ina kallon irin baburan da ake turowa. Mai ƙananan tayoyi, wanda malaman makaranta suke so, na cire shi, yashi zai haɗiye shi. Akwai mai hayaƙi, wanda ake haɗa masa mai da fetur. Yana da gudu, yana da araha, amma kullum ana kwance masa filogi, kuma shan fetur kamar raƙumi a bakin rijiya. Akwai mai sanyin murya, wanda mansa yake zaune a cikin inji daban. Ba ya gudu. Amma ban ga gawarsa a tarin ƙarafan bayan rumfar ba, kuma kayan gyaransa suna nan a Kano.

Na tambayi bakaniken. Ya ce, "Wannan zai binne ka, in kana yi masa juyen mai a kan kari. In ba ka yi ba, kai za ka binne shi."

Na ce a raina, kai ma ciki ne da kai. Amma shi na saya.

Aiki ya kama. Da safe burodi a kan kariyar bayan babur zuwa Ajingi, wata rana har Kademi. A dawowa fasinja, ko kaji, ko buhun gero. Kafin mu raba komai ina cire rabon babur in jefa a gwangwani: na mai, na filogi, na sarƙa, na tayar da za ta mutu wata rana. Wannan gwangwanin shi ya haɗa ni da Kawu.

Ya ce, "Kai, ɗan nan. Babur ɗin ciwo yake?"

"Lafiyarsa ƙalau, Kawu."

"To me kake kai shi wurin mai magani?"

"Juye ake yi masa. A zubar da tsohon mai a zuba sabo."

"Tsohon ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba."

"Ni ban taɓa yi wa lafiyayyen sa ƙaho ba."

Sai ya fara bincike. Ya gano bakaniken yana tara tsohon man a garwa yana sayar wa masu gini, suna shafa wa azara saboda gara. Nan Kawu ya gama lissafinsa: muna zubar masa da mai mai kyau, bakanike ya sayar, ni in karɓi nawa a bayan rumfa. Ya ƙwace gwangwanin, ya ce babu sauran juye sai ranar da babur ya kwanta.

Ban yi musu ba. Ni kaina ina zargin bakaniken, amma ta wani gefen. Ina tsoron yana tace tsoho ya dura mini a matsayin sabo.

Na ci gaba da hawa. Zafin bazara ya shigo. Injin ya fara wata ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana kaɗa cokali a kwano, giya ta yi tauri, zafi yana dukan ƙaurina. Wata ranar kasuwa na fito daga masallaci na tarar da wani dillali tsugune yana duba tayoyin. Ban kira shi ba. Na san wanda ya kira shi.

Na tura babur ɗin har zauren Kawu, na ajiye masa makulli.

Na ce, "Ba zan kashe shi da hannuna ba. In sayarwa za ka yi, sayar yanzu yana da rai. In kuma gani kake so, hau mu je."

Sai ya naɗe babbar riga ya hau baya. Bai taɓa hawa ba. Ya riƙe ni kamar mai kama ɓarawo har Gaya.

Bakaniken ya gaishe shi. "Sannu da zuwa, Baba. Yau mai dukiya da kansa?"

"Na zo ganin wanda yake tatsar mini saniya."

"Ai ba ta da nono sai baƙi."

Kawu bai yi dariya ba. Ya tsuguna dab da injin. Bakaniken ya tura kwano, ya kwance noti na ƙasa tun injin yana da ɗumi. Man ya fito baƙi ƙirin, ya tsinke kamar ruwa, kuma bai kai yadda aka zuba ba. Kawu ya tsoma yatsa ya murza. Ya sake murzawa. Ya fita rana ya duba, abu yana ƙyalli a kan fatarsa.

Ya ce, "Wa ya zuba ƙasa a nan?" Ni yake kallo.

Bakaniken ya ce, "Hanyarku ce, Baba. Mai ƙyallin kuma ƙarfen injin ne, yana cin kansa." Ya buɗe gefe ya zaro soson da yake tace iska. Ya toshe da jar ƙasa. Ya matse shi a cikin kananzir, kananzir ɗin ya koma kunu.

Kawu bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi a kawo sabon mai a gwangwanin da ba a taɓa hudawa ba. Ya juya shi sama da ƙasa, ya sa aka huda a gabansa. Na ji daɗin wannan, don ni kunya ta hana ni nema. Aka zuba, kalar zuma. Aka ja sarƙa aka shafa mata mai, aka goge filogi. Da na tayar, ƙarar cokalin ta ragu. Ba ta ɓace duka ba, har na rabu da babur ɗin tana nan.

Bakaniken ya ɗauki kwanon zai juye a garwarsa. Kawu ya taka gefen kwanon da ƙafa.

"Ina za ka da shi?"

"Baba, ai shara ce."

"Babur ɗin nan sana ne. Kashin sa na mai sa ne."

Ya sa aka dura masa a kwalba, ya rungume ta har gida. Ya shafa wa azarar rumbu, ya shafa wa wani maraƙi inda kaska ta kama. A zaure ya miƙo mini makulli da gwangwanin kuɗin. Dillalin bai sake zuwa ba.

Babur ɗin ya yi shekaru yana ci da ni da iyalina. Daga ranar kuma Kawu ne yake tuna mini juye, wani lokaci tun bai yi ba. In ya matsa, sai in leƙa bayan rumbunsa. Kullum sai in tarar kwalbar ta kusa ƙarewa.